Lambar da ta maƙale a cikin bidiyo

Ina koyar da lissafin kasuwanci ga masu ƙananan shaguna, kuma daren Asabar nake watsa darasin kai tsaye a YouTube. Kayan aikina ba su da yawa: kwamfutar cinya, ƙaramar kyamara, makirufo, da manhajar OBS Studio wadda ke haɗa hoto da murya ta aika su. Yawancin ɗalibaina ba sa samun kallo a lokacin da ake yi. Wani yana shago, wata tana fama da yara, wani kuma sai dare ya raba datarsa ke yin araha. Saboda haka bidiyon da ke saura bayan an tashi shi ne ainihin darasin ga mafi yawansu. Na san wannan tun farko, amma duk shirin da na yi na masu kallon nan take ne, kuma daga nan ɓarnar ta faro.

Da masu kallo suka fara yawa, sai na so shirin ya yi armashi kamar na waɗanda nake gani. Na buɗe asusu a ɗaya daga cikin shafukan da ke ba da akwatin hira da sanarwa, aka ba ni adireshi biyu. Na shiga OBS na ƙara Browser Source guda biyu, na liƙa adireshin kowanne. Na farko akwatin hira ne, duk abin da mutane suka rubuta ya bayyana a kan hoton. Na ba shi faɗin fiksel 400 da tsawon 600, na ajiye shi a ƙasan dama na allon da girmansa 1920 ne da 1080. Na biyu sanarwa ce: da wani ya yi rajista da tashar, sai sunansa ya faɗo a tsakiyar allo da ƙarar kararrawa, ya yi 'yan daƙiƙu ya ɓace. Mutane sun ji daɗin abin ƙwarai. Wanda ya ga sunansa a allo sai ya ƙara rubutu, hira ta yi zafi, ni ma na ji shirin ya zama shiri.

Abokina da ke taya ni sa ido a kan hirar ya taɓa tambaya ta, ya ce, "Malam, wannan rubutun ba zai dami masu kallo daga baya ba?" Na ce masa babu damuwa, domin abu biyu na dogara da su. Na ɗaya, na san YouTube na da wurin kashe hirar bayan an gama. Na biyu, kullum ina danna Start Recording tare da Start Streaming, ina ganin ke nan ina da kwafi nawa na kaina a kwamfuta, wanda a zatona tsarkakakke ne. Ban taɓa buɗe ɗaya daga cikin fayilolin nan na kalla ba. Suna ta taruwa, ni kuwa hankalina kwance.

A darasin da abin ya faru, ina bayanin yadda ake fitar da ribar wata ne a Excel, da yadda ake raba kuɗin jari da na riba. Ana cikin haka wata Hajiya mai sayar da atamfa ta rubuta cewa lissafinta ya ƙi daidaita, ta faɗi adadin bashin da take bin mutane da wanda ake bin ta, ta kuma rubuta lambar wayarta domin in kira ta. Abokina ya gani ya goge saƙon daga hirar, kamar yadda muka saba yi da lambobin waya. Ni ban ma lura ba, idona na kan lissafi. Aka tashi lafiya, na bar bidiyon a buɗe ga kowa, na kwanta.

Bayan 'yan kwanaki ta same ni ta hanyar wata ɗalibar. Muryarta a sanyaye ta ce, "Malam, don Allah a cire lambata daga bidiyon nan. Mutanen da ban sani ba sai kira suke yi, wani har yana faɗa mini nawa ake bi na." Na ba ta haƙuri, na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yanzu zan kashe." Da gaske nake faɗa, domin na ɗauka aikin danna wuri ɗaya ne.

Na shiga YouTube Studio, na buɗe bidiyon, na cire alamar da ke kan Live chat replay, na adana. Na koma shafin bidiyon na sabunta shi. Hirar da ke gefe ta ɓace ƙaƙaf, har na yi ajiyar zuciya. Sai na ja bidiyon zuwa wurin da ta yi rubutun domin in tabbatar. Ga akwatin nan a ƙasan dama, saƙonni na ta hawa, ga sunanta, ga adadin bashin, ga lambarta baro-baro. Na sake sabunta shafin. Na buɗe a waya. Na fita daga asusuna na kalla kamar baƙo. Babu abin da ya sauya. Ko a nan ban gane ba tukuna, na ce wataƙila sai an ɗan jima sauyin zai kama. Sai na tuna da kwafin da ke kwamfutata, na ce to ai ga mafita, in sauke wannan in ɗora wancan. Na buɗe fayil ɗin a karon farko tun da na fara ajiye su, na ja zuwa minti ɗin. Akwatin yana nan, lambar tana nan, daidai da na YouTube ba bambanci ko na ɗigo.

Na daɗe zaune ina kallon wannan hoton a tsaye. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne babu abin da ya lalace. Manhajar ta yi daidai abin da na ce ta yi. Ni na ɗora rubutun mutane a kan hoton da hannuna, ni na ce a naɗa, ni kuma na ba abokina amsa da tabbaci a kan abin da ban taɓa gwadawa ba. Mace ta yarda da ni ta faɗi sirrin kasuwancinta a cikin aji, ni kuma na mayar da shi wani ɓangare na bidiyon da kowa zai iya saukewa.

Sai a lokacin na fahimci cewa hira iri biyu ce a gabana, na ɗauke su ɗaya. Wadda ke gefen bidiyo a YouTube rubutu ne da aka ajiye daban, ana nuna shi a daidai lokacin da aka rubuta shi. Shi ya sa ake iya kashe ta, kuma saƙon da aka goge ba ya fitowa a cikinta. Wadda na saka ta Browser Source kuwa ta riga ta zama hoto. OBS na ɗaukar duk abin da ke cikin jerin Sources, kyamara da allon Excel da akwatin hira da sanarwa, ya jera su wani a kan wani, ya haɗe su su zama hoto ɗaya, sau 30 a kowace daƙiƙa a tsarina. Wannan haɗaɗɗen hoton shi ake matsewa a aika, shi kuma ake rubutawa a fayil. Start Streaming da Start Recording daga tushe ɗaya suke ɗiba. Bayan an haɗe, babu sauran wani abu mai suna akwatin hira a cikin fayil ɗin, sai launukan fiksel kawai, kamar gishirin da ya narke a miya. Abin da akwatin ya rufe ma ba ya nan a ƙarƙashinsa, ba a taɓa naɗar sa ba. Gogewar da abokina ya yi ta tsare masu karanta hirar gefe, amma daƙiƙun da saƙon ya yi a kan allo kafin ya goge an riga an naɗe su, kuma mai kallo na iya tsayar da bidiyo ya kwafi lamba a nutse.

Abu na farko da na yi shi ne mayar da bidiyon Private. Sannan na fara neman gyara. YouTube na da Blur a cikin Editor, wanda ke dusashe wurin da ka zaɓa, kuma ya ɓoye lambar. Amma da na zauna na kalli darasin daga farko da idon ɗalibi, sai na ga ɓarnar ta wuce lamba. Ƙasan dama na allo nan ne ginshiƙan jimilla suke faɗowa a teburin da nake koyarwa da shi. Ina cewa "ku duba wannan adadin," adadin kuwa yana bayan gaisuwar wani. Ni a gabana Excel nake kallo, ba hoton da ke fita ba, don haka ban taɓa ganin an rufe shi ba. Dusashewa ba ta dawo da adadin, yanke gefen hoto kuma ya tafi da ginshiƙan gaba ɗaya. Ga kararrawar sanarwa da ke faɗowa a tsakiyar jumla. Da yake duk sautin a layi ɗaya na naɗe shi, babu hanyar cire ta ba tare da an ci muryata ba. A ƙarshe darasin nan sai da na sake yin sa daga farko, sauran na baya kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman lambobi da sunaye ina dusashewa. Na kira Hajiya na gaya mata gaskiyar yadda abin ya faru, na kuma gaya mata abin da ba ni da iko a kai: wanda ya riga ya sauke bidiyon ko ya kwafi lambar, tana hannunsa.

Gyaran gaskiya kafin a fara watsawa ake yin sa, kuma manufarsa ɗaya ce: a ɗebi hoton da za a ajiye kafin a ɗora masa hira da sanarwa. Ga yadda na tsara nawa. Na buɗe sabon Scene na sa masa suna Tsabta, na zuba masa abin da darasi ke buƙata kawai, wato allon Excel da kyamara. Na buɗe wani na sa masa suna Kai Tsaye. A cikinsa na ƙara Tsabta a matsayin Source, domin OBS na yarda a saka Scene a cikin wani Scene, sannan na ɗora akwatin hira da sanarwa a nan. Kai Tsaye shi ke fita ga masu kallo. Na kuma rage girman Tsabta a cikinsa zuwa 1536 da 864, abin da ya bar fiksel 384 a gefe, nan hirar ke zama yanzu, bayan na rage faɗinta, ba ta rufe wa kowa komai.

Saura yadda za a naɗi Tsabta shi kaɗai, tunda maɓallin Start Recording abin da ke fita yake ɗauka. A nan na saka wani ƙarin kayan aiki na OBS mai suna Source Record, wanda Exeldro ya rubuta. Bayan an saka shi, sai a danna dama a kan Tsabta, a shiga Filters, a ƙara Source Record, a zaɓi inda fayil zai sauka, a sa Record Mode a kan Streaming. Da na fara watsawa yake fara naɗa da kansa, da na tsaya ya tsaya, ba sai na tuna ba. Fayil ɗin na fitowa da cikakken girman 1920 da 1080, domin ragewar da na yi a cikin Kai Tsaye ba ta shafi asalin Tsabta ba. Mai amfani da Streamlabs Desktop yana da hanya mafi sauƙi: akwai Selective Recording a ciki, inda ake zaɓar wa kowane Source ko ya fita a watsawa kawai, ko a naɗi kawai, ko duka biyu.

Sauti shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, ni ma na yi a gwajin farko: hoto ya fito fes, murya babu. Dalili shi ne makirufona na cikin saitin sauti na gaba ɗaya, ba a cikin Tsabta yake ba, shi kuwa Source Record sautin abin da aka liƙa shi a kai yake bi sai an nuna masa wani. OBS na da layukan sauti shida. A Advanced Audio Properties kowane sauti na da akwatuna daga 1 zuwa 6. Na bar layi na 1 ya ɗauki komai, shi ke tafiya ga masu kallo. Layi na 2 na bar wa makirufo kaɗai. A cikin Source Record na sa alama a Different Audio na zaɓi layi na 2. Sannan akwai wata ƙofar baya da kararrawa ke shigowa ta ita. Idan ba a sa alama a Control audio via OBS a saitin Browser Source ba, ƙarar sanarwa ta lasifikar kwamfuta take fita, Desktop Audio kuma ya ɗauke ta tare da duk wani sautin kwamfutar. Da aka sa alamar sai sanarwa ta samu nata gurbi a Audio Mixer, a iya cire ta daga layi na 2. Desktop Audio ma na cire shi daga layin. Kuma ina sa abin ji a kunne, domin in lasifika ce a buɗe, makirufo da kansa zai ɗauki kararrawar daga iska, duk rabon layukan ya tashi a banza.

Wannan tsarin yana da tsadarsa. Yanzu hoto biyu daban kwamfuta ke matsewa a lokaci guda, na masu kallo da na ajiya. A da can, in an bar Recording a kan Use stream encoder, matsa ɗaya ce ke yi wa duka biyun aiki, shi ya sa ma ba za su taɓa bambanta ba. Kwamfutar da ke matsewa da x264 a kan ƙwaƙwalwarta kaɗai tana iya gazawa, hoto ya fara tsalle-tsalle, gargaɗin Encoding overloaded ya fito a ƙasa. Ana ganin alamar tun kafin nan a View, sannan Stats, inda layin Skipped frames due to encoding lag ke hawa. In kwamfutar na da katin hoto mai NVENC ko Quick Sync, a ba shi ɗaya daga cikin ayyukan biyu. In babu, a sauko zuwa 1280 da 720, ko da yake ga darasin da ke da ƙananan lambobi sai an ƙara girman rubutun Excel ɗin. Akwai kuma wurin ajiya. Naɗi a kan kilobit 6000 a daƙiƙa na tsawon awa 2 yana cin kusan gigabayit 5.4. Ina naɗa a mkv, saboda in wuta ta ɗauke ko manhajar ta tsaya, abin da aka naɗa kafin nan yana buɗuwa, alhali mp4 na gargajiya da bai kammala ba yakan ƙi buɗuwa baki ɗaya. Daga baya Remux Recordings da ke ƙarƙashin File na mayar da shi mp4 ba tare da rage inganci ba.

Akwai iyaka biyu da ya kamata a sani. Ta farko, Source Record abin da aka liƙa shi a kai kaɗai yake gani. In ina tsallakawa daga wannan Scene zuwa wancan a lokacin shiri, fayil ɗin ba zai bi ni ba. Shi ya sa duk sauyin da nake yi, kamar ɓoye Excel in nuna fuskata, a cikin Tsabta nake yin sa da maɓallan Hotkeys. Ta biyu ta fi muhimmanci, kuma ita ce da na so a ce wani ya gaya mini tun farko. Kwafin da YouTube ke ajiyewa da kansa bayan shiri, abin da aka aika masa ne, da hirarsa da sanarwarsa. Tsabtataccen fayil a kwamfuta ba ya gyara wancan. Dole bayan an tashi a rufe na kai tsayen, a ɗora mai tsabtar a matsayin sabon bidiyo, da sabon adireshi, ƙirgen masu kallo kuma ya faro daga sifili. Ga wanda ke sayen data da gigabayit, ɗora fayil mai wannan girman kowane mako kuɗi ne na gaske, sai dai a matse shi tukuna.

Saboda haka na yi wa kaina tambayar da ya kamata ta zo kafin Browser Source na farko: wa ke buƙatar hirar a kan hoton? Masu kallo suna da ita a ƙarƙashin bidiyo ko a gefensa. Ni ne ke buƙatar ganin ta, kuma OBS na da Custom Browser Docks a ƙarƙashin Docks, inda ake liƙa adireshin hirar ta bayyana a gefen tagar manhajar, ni kaɗai nake gani, ba ta shiga hoto. A ra'ayina, ga duk shirin da ake koyarwa, ko wa'azi, ko wanda mutane ke kawo matsalolinsu na kuɗi ko lafiya ko iyali, wannan ya fi. Ba sai an matse hoto biyu ba, ba sai an sake ɗorawa ba, saƙon da aka goge kuma ya gogu da gaske. Yanzu darussan lissafi haka nake yin su, babu komai a kan hoton. Tsarin Tsabta da Kai Tsaye na bar shi ga zaman tambaya da amsa na ƙarshen wata, inda ganin saƙo a allo ke da amfani.

Cire hirar ya tilasta mini sauya yadda nake magana. A naɗin farko mai tsabta na ji kaina ina cewa, "E, haka ne, amma ki cire kuɗin mota tukuna," alhali mai kallo bai ga tambayar ba balle ya san da wa nake. Yanzu nakan karanta tambaya da baki kafin in amsa, in ce wata 'yar'uwa tana tambaya kaza, ba suna, ba ainihin adadin kuɗinta, sai in sa adadi na misali. Na daina gode wa masu rajista a tsakiyar bayani, sai a ƙarshe, inda yankewa ke da sauƙi. A farkon kowane zama kuma ina faɗa cewa ana naɗa, kada kowa ya rubuta lambar waya.

Kafin kowane zaman tambaya da amsa ina yin gwaji na 'yan mintuna a watsawar da na sa Unlisted. Abokina ya rubuta saƙo a hira, ni in danna maɓallin gwajin sanarwa, in yi magana a kan ƙarar da gangan. Sannan in tsayar, in buɗe fayil ɗin, in duba kusurwoyin hoton, in sa abin ji a kunne in saurari wurin da kararrawar ta buga. In na ji ta ko da can ƙasa-ƙasa ne, sai in koma Advanced Audio Properties, domin duk Source mai sauti da aka ƙara sabo yana zuwa da alama a kan dukkan layukan shida, sai an bi an cire ta layi na 2 da hannu.